Daga Jan Zoɓo Zuwa Shuɗi: Laccar Auna Taurin Ruwa a Kaduna

Assalamu alaikum. Na baya, kuna jina? To, madalla. Abu uku zan faɗa.

Na farko, ga ruwan burtsatse da wata ɗalibata ta ɗebo daga Rigasa, wai sabulu ya ƙi kumfa, butar shayi kuma ta yi farin ɓawo. Wannan shi ne taurin ruwa, kuma kalsiyam da magniziyam ne ke wannan aika-aika. Sinadarin EDTA yana cafke su ɗaya bisa ɗaya, don haka in ka san yawan wanda ka zuba, ka san yawansu. Shi ke nan, mu wuce.

Na biyu shi ne bafa, haɗin da ke hana pH, ma'aunin asid na ruwa, sauyawa, kuma nan zan daɗe, ku yi haƙuri. Na auni mililita 50 na ruwan, na sa mililita biyu na bafar amoniya, wato NH3 da NH4Cl, don ta riƙe pH a kan 10. Me ya sa sai an riƙe? Duk lokacin da EDTA ya kama ƙarfe, yana sakin H+, ruwan ya riƙa komawa asid. In pH ya faɗi, kamun da yake wa magniziyam sai ya yi sako-sako, sauyin launin da muke jira ya riƙa jan ƙafa. In kuma ya haura zuwa 12, magniziyam ya kwanta a matsayin Mg(OH)2, ka ƙirga kalsiyam kaɗai kana murna. Goma, jama'a, goma! Kuma ku rufe kwalbar nan. Da zafin watan Maris a garin nan, amoniya guduwa take. Na taɓa ɓata yini guda ina zargin buret ɗina, bututun awon da ake ɗiga EDTA da shi, ashe bafar ce ta sha iska. Bafar da ba ta sa ka kau da hanci ba, ka tuhume ta.

Ina muke? Na huɗu... a'a, na uku, indiketa, rinin da ke sauya launi ya nuna an gama. Namu shi ne EBT, wato Eriochrome Black T, kaɗan ake sawa, kar a cika hannu. Ya kama magniziyam, ruwa ya yi ja kamar zoɓo. Amma riƙonsa bai kai na EDTA ba, shi ya sa bayan EDTA ya gama da ƙarfen da ke yawo, sai ya ƙwace na hannunsa, ruwa ya koma shuɗi. Namu ya juya a mililita 8.4 na EDTA mai ƙarfin 0.01 M. Kowace mililita daidai take da miligiram ɗaya na CaCO3, to 8.4 sau 1000 a raba da 50, taurin ruwan miligiram 168 ke nan a lita.

Na'am, 'yata?

"Malam, nawa ya tsaya a ruwan hoda mai duhu, ya ƙi shuɗi."

Kin duba pH? Goma? To ruwan naki yana barin jan tsatsa a bokiti? Yawwa. Baƙin ƙarfe ne, ko tagulla, ya rungume indiketa ya ƙi saki, ko buret guda kika juye. Ki sake ɗiba, ki sa abin da zai ɗaure ƙarfen kafin EBT. Kawo kwalbar in gani.