Darasi: Share Facebook da X Kafin Ka Tura Takardun Neman Aiki ko Tallafin Karatu a Waje

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau za mu yi shara ne, amma ba da tsintsiya ba. Wani ƙanena yana shirin neman tallafin karatun digiri na biyu a ƙasar waje, ya ba ni izini mu yi aiki da shafinsa, na rufe sunan a kan allo. Ya buɗe Facebook tun 2014, lokacin yana sakandare, to kun san me ke ciki.

Kafin ka taɓa komai, ka fara ganin abin da baƙo yake gani. Buɗe burawuza a Incognito, ka shiga Google, ka sa cikakken sunanka yadda yake a fasfo, tsakanin alamun zance. Ga shi a kan allo:

```
"Cikakken Sunanka"
site:facebook.com "Cikakken Sunanka"
```

Ka kuma gwada tsohon laƙabin da kake amfani da shi, saboda mutane da yawa laƙabin nan shi ne farkon adireshin imel ɗinsu, kuma imel ɗin yana kan takardar da suka tura. Da hannunka ka ba su zaren da za su ja.

To mu shiga Facebook. A shafinka akwai ɗigo uku, danna, ka zaɓi View As. Wannan shi ne shafin kamar yadda wanda ba abokinka ba yake ganinsa. Kun ga na ƙanena? Komai a buɗe, har faɗan da ya yi da magoya bayan wata ƙungiyar ƙwallo a 2017.

Maganin gaggawa shi ne Limit Past Posts. Settings & privacy, sai Settings, sai ka gangara zuwa Audience and visibility, ka shiga Profile and… a'a, yi haƙuri, ba nan ba ne, Posts za ka shiga. Yawwa. Ga Limit who can see past posts. Facebook na yawan sauya wa abubuwan nan wuri, in ba ka gani ba ka rubuta sunan a akwatin bincike na Settings, zai fito. Idan ka danna, duk abin da ka taɓa wallafawa a Public ko Friends of friends zai koma Friends. Sai dai ka sani babu maɓallin komawa baya. In kana da rubutu mai kyau da kake so masu tantancewa su gani, kamar aikin sa-kai ko takardar shaidar wani horo, sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka mayar da su Public.

Yanzu a nan nake so ku ba ni hankalinku, don nan ne ni kaina na sha ƙasa. Shekarun baya da nake neman wani aiki na danna maɓallin nan, na duba View As, na ga fes, na kwanta barcina. Bayan kwana biyu wani abokina ya turo mini hoton wani sharhi da na yi a ƙarƙashin labarin wata jarida, zagi ne tsagwaronsa, da sunana da hotona a jiki. Limit Past Posts yana aiki ne kawai a kan abin da ka wallafa a shafinka. Sharhin da ka yi a shafin wani ba naka ba ne ta fuskar sirri, yana bin tsarin mai shafin. In rubutun nasa Public ne, sharhinka ma Public ne, ko da ka kulle naka shafin da kwaɗo goma. Haka abin da ka rubuta a zauren da yake Public. Kuma View As ba zai nuna maka su ba, shi ya sa mutum yake ruɗuwa ya ɗauka ya gama.

Inda za ka same su shi ne Activity log. Shiga, ka nemi Comments. Akwai tacewa ta kwanan wata, ni na fi son in bi shekara-shekara, in fara daga mafi tsufa, domin ɓarnar ta fi yawa a can. A na ƙanena mun fara da 2015. Dubi wannan: wani ya yi tambaya a shafin jama'a, shi kuma ya amsa da baƙar magana a kan ƙabilar mutumin. Yana ɗan shekara goma sha shida lokacin, amma mai karantawa ba zai tsaya lissafin shekarunsa ba. Ka zaɓa, ka danna Remove. Za ka iya zaɓar da yawa a lokaci guda, kuma wallahi ku yi wannan a kwamfuta, a waya yatsa zai gaji kafin ka gama shekara ɗaya.

Me za a goge, me za a bari? Ba na cewa ka goge ra'ayinka. Mutum ya yi muhawara cikin ladabi a kan siyasa ko addini, wannan ba abin kunya ba ne. Abin da nake cirewa ba tare da dogon tunani ba: zagi, musamman na ƙabila ko addini ko mata, barazana ko da wasa ce, murna da mutuwar wani ko da tashin hankali, yaɗa labarin ƙarya, da zagin wurin aikin da ka bari. Kada kuma ka ce ai da Hausa na rubuta, ba za su gane ba. Akwai maɓallin fassara a ƙarƙashin rubutu, kuma fassarar inji ba ta san wasa ba. Ka ce wa abokinka zan kashe ka in na kama ka, kuna dariya, inji zai fassara shi yadda yake, babu dariyar.

Sai abin da ya fi zagi haɗari a wajena, wato saɓani da takardunka. Ƙanena ya rubuta a takardar nema cewa ya yi aikin koyarwa daga 2021 zuwa 2023. A sashen About na Facebook kuwa ya sa wai shi shugaban wani kamfani ne tun 2016, kamfanin da babu shi, wasa ne na samartaka. A LinkedIn kuma kwanan watan ya bambanta da wata shida. Mai tantancewa ba zai kira ka ya tambaya ba, zai dai sa alamar tambaya ya wuce. Mun goge kamfanin bogin, mun daidaita LinkedIn da takardar wata da wata.

Hotuna. Hoton fuska na yanzu da hoton bango na sama kullum a buɗe suke ga kowa, ba yadda za ka yi. Tsofaffin kuma suna cikin Albums, ka shiga Profile pictures da Cover photos ka duba kowanne da idonka, kada ka dogara da maɓallin ɗazu. Ka karanta sharhin da ke ƙarƙashinsu ma, don abokai sukan yi ɓarna a nan.

Hotunan da wasu suka maƙala sunanka a jiki, ku lura da bambancin nan. Hide from profile yana ɗauke hoton daga shafinka ne kawai, sunanka na nan a jikinsa a can wurin mai shi. Remove tag shi ne yake cire sunan. Hoton kansa kuwa sai mai shi ya goge, don haka ka kira shi ka roƙe shi. Bayan nan ka shiga Profile and tagging, inda na yi kuskuren shiga ɗazu, ka kunna bitar maƙala suna, yadda ba abin da zai hau shafinka sai ka amince.



Mu leƙa X da sauri. Gangarawa da yatsa ba zai kai ka ƙarshe ba, shafin yana nuna kusan 3,200 na baya-bayan nan ne kawai, tsofaffin suna nan kuma bincike yana zaƙulo su. Don haka da binciken za ka yi aiki, inda na rubuta sunanka ka sa sunan shafinka na X, wanda ke bayan alamar @:

```
from:sunanka until:2019-01-01
from:sunanka filter:replies
from:sunanka (wawa OR jahili OR banza)
```

Ka canza kalmomin da irin waɗanda ka san bakinka ya saba da su, kai ka fi kowa sanin su. Ka danna Latest don su jeru. Ni ba na son manhajojin nan da ke cewa ka ba su izinin shiga su goge maka komai, na fi yarda da hannuna, ko da zai ci mini yamma biyu.

Yanzu wani zai ce, malam, me ya kawo wahala, ba sai in kulle komai ko in goge shafin ba? Ga masu neman aiki a kamfani, kullewa tana taimakawa. Ga mai zuwa Amurka kuwa lissafin daban ne. Tun 2019 fom ɗin biza na DS-160 yana tambayar sunayen da ka yi amfani da su a kafafen sada zumunta cikin shekara biyar da suka wuce. Shafin da ka goge jiya yana cikin shekara biyar ɗin nan, dole ka rubuta shi. Ɓoye shi ƙarya ce a fom, kuma ƙarya a fom ɗin biza ta fi tsohon zagi illa nesa ba kusa ba. Sannan a watan Yunin 2025 Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta ce masu neman bizar karatu da musaya, wato F da M da J, su mayar da shafukansu a buɗe don a duba. Kun ga ke nan abin da ka tura Friends ko ka kulle, wata rana za a iya cewa ka buɗe. Shi ya sa na raba aikin ƙanena gida biyu: hotunan iyali da hirar abokai mun ɓoye, abin da ba zai iya karewa a gaban mai tambaya ba mun goge shi gaba ɗaya.

Gogewar ma akwai ɗan tarko. A Facebook rubutun da ka tura Trash yana zama kwana 30 kafin ya tafi, ba wanda ke ganinsa sai kai, amma in kana so ka shiga can ka ƙarasa shi. Google kuma yakan ci gaba da nuna guntun tsohon rubutu bayan an goge. Akwai shafinsu mai suna Refresh outdated content, ka liƙa adireshin abin da ka goge, su sabunta. Yakan ɗauki 'yan kwanaki, don haka ku fara sharar nan wata guda kafin tura takardu. Wanda ya riga ya ɗauki hoton allo kuwa, wannan ya fi ƙarfin kowane maɓalli.

Bari mu koma Incognito mu sake bincika sunan ƙanena mu gani. LinkedIn ne a sama, madalla. Facebook na biyu, babu komai sai hoto da makaranta. Na uku… kai, wannan kuma mene ne? Tsohon shafin Instagram ne da bai gaya mini ba, kuma na tabbata ya manta kalmar sirrin. To, bari in kira shi mu ga ko lambar wayar da ya buɗe shi da ita tana aiki, in mun samu shiga sai mu ɗora daga nan a bidiyo na gaba.