"Ka Turo Min Ƙarin Bayani": Me Za Ka Tura?

(An rubuto wannan daga laccar da wani mai sana'ar haɗa sola ya yi wa matasa 'yan kasuwa a Sabon Garin Zariya.)

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? Madalla.

Bara na tallata wa wani Alhaji mai kemis a Tudun Wada aikin sola. Bayan kwana biyu sai ga saƙonsa: "Malam, ka turo min ƙarin bayani." Don murna na kwashe duk abin da ke wayata na zuba masa: kundin kayanmu mai shafi 40, hotunan ayyuka, har da bidiyon wani rufi da muka hau a Samaru. Shiru kake ji. Da na je da ƙafata bayan mako guda, ya miƙo min wayarsa. Kayana suna nan jere, kowanne da 'yar kibiyar saukewa a kansa, ko ɗaya bai taɓa ba. Ya ce, "Ni fa abin da nake son sani, firjin allurai zai kwana a kunne?"

Wato tambaya ɗaya ce a ransa, bai dai furta ta ba. Mai cewa "ƙarin bayani" yawanci abu ɗaya ne ke ci masa tuwo a ƙwarya: ko kuɗi, ko lokaci, ko zai yi masa aikin da yake so. Aikinka ka tono ta.

Da yau ne, ga abin da zan rubuta, a cikin saƙon kansa, ba a wata takarda ba:

"Ranka ya daɗe, na gode. Da na shigo shagon na ga firji ɗaya, fanka biyu da ƙwan lantarki shida. A ƙiyasi firjin wat 150 ne, fankokin 140, ƙwayayen 60, jimla 350. Da rana wannan ba matsala ba ne. Girman batir ne ke ɗaga kuɗi, shi kuma ya danganta da abin da zai kwana a kunne. Firjin kaɗai za a bari da dare, ko har da fitilun waje? Da zarar na ji, yau zan turo farashi a shafi ɗaya."

Kun ga na nuna masa na kalli shagonsa, na ba shi abin da zai riƙe, na kuma yi tambayar da zai iya amsawa yana tsaye yana ba da canji. Kada ku jero tambaya biyar, wannan ya zama jarrabawa. Idan ya amsa, sai takarda ta biyo baya: PDF guda, shafi ɗaya ko biyu, kada ta kai MB 1. A sa mata sunan da zai gane, kamar `farashin-sola-kemis.pdf`. Jimlar kuɗin kuma ku sake rubuta ta a saƙon, don ko bai buɗe ba ya gani.

Masu aiki da imel, ku saurara nan. Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce MB 25 a maƙale, kuma fayil yana kumbura da kusan kashi ɗaya cikin uku a hanya, saboda yadda ake sauya shi kafin a aika. Akwatin wasu ofisoshi bai ma kai haka ba, sai saƙon ya dawo maka. Wani lokacin kuma, da yake ba a saba da adireshinka ba, ya faɗa Spam, kai kana can kana cewa an raina ka.

(Wata daga cikin mahalarta ta ce: Malam, idan shi da bakinsa ya nemi kundin fa?)

Hajiya, sai ki ba shi, amma kada ki ɗora masa a ka. Ki sa kundin a Google Drive, ki tura masa adireshin, ki ce "abin da ya shafe ka yana shafi na 7." Kafin ki tura, ki duba an saita shi a kan "Anyone with the link". In ba haka ba zai danna ya ga "Request access", kuma mutum mai uzuri ba ya roƙon izinin kallon tallarki. Ni a wayar ƙanena nake fara gwadawa.

Idan kwana uku suka wuce ba amsa, kada ku sake tura takardar. Layi ɗaya ya isa: "Alhaji, firjin kaɗai ne, ko har da fitilun?" Idan ya ce ta ƙi buɗewa, ku ɗauki hoton shafin farashin kawai ku tura.

Shi Alhajin kemis ɗin, a bayan wata takardar magani na yi masa lissafin firjin, muna tsaye a bakin kanta, kafin ya ce in dawo ranar Asabar da tsani. An kira la'asar, sauran tambayoyin sai mun idar.