Kalandar iyali ɗaya, amma kowace waya da tata ƙararrawa

Zainab: Masu sauraro, barkanmu da warhaka. Yaya Bashir, ga gida mai mutum uku: uwa na riƙe da Samsung, uba iPhone, babbar 'yarsu kuma Tecno. Suna son ranar rigakafin jariri ta fito a wayar kowa. Ta ina za su fara?

Bashir: Su fara da kalandar da duk wayoyin ke iya buɗewa. Ta iCloud, wato ta iPhone, in aka tura wa mai Android kamar Samsung ko Tecno, kallo kawai zai yi, ba zai iya ƙara komai ba. Shi ya sa na fi son Google Calendar. Mutum ɗaya ya shiga calendar.google.com a kwamfuta, ya danna alamar + da ke gefen "Other calendars", ya zaɓi "Create new calendar", ya sa mata suna, misali Gidanmu.

Zainab: Sai ya ba sauran lambar sirrinsa?

Bashir: A'a, ƙanwata, kada ma a soma. A saitin kalandar zai saka adireshin Gmail na kowa, ya ba shi izinin "Make changes to events". Kowa ya buɗe saƙon da ya zo masa, ya karɓa. Mai iPhone ya sauke manhajar Google Calendar, ya fi sauƙi.

Zainab: To ga abin da ke ci wa mutane tuwo a ƙwarya. Uwa ta rubuta rigakafi ranar Talata ƙarfe 9, ta sa tunatarwa, wayarta ta yi ƙara, ta uba kuwa shiru kake ji.

Bashir: Nan ne gizo ke saƙar. Abin da aka rubuta na kowa ne, tunatarwa kuwa ta mai ita ce kaɗai. Wadda uwa ta sa ba ta zuwa wayar uba. Dole shi ma ya shiga saitin Gidanmu a asusunsa ya sa tasa. Ni ina ba da shawarar biyu: kwana 1 kafin lokaci, don a nemo katin asibiti, da awa 1 kafin lokaci, don a kama hanya. Sau ɗaya ake saitawa, duk abin da aka ƙara daga baya zai bi wannan tsari.

Zainab: In an yi duk wannan, Tecno ɗin ta ƙi magana fa?

Bashir: A duba ko "Sync" na Gidanmu a kunne yake cikin manhajar. In abin ya fito a kalanda amma babu ƙara, galibi tsarin tattalin batir ne ya kwantar da manhajar, ko ba a ba ta izinin sanarwa ba.

Zainab: Yaya za su tabbatar kafin Talata?

Bashir: Su ajiye wayoyin uku wuri ɗaya, su rubuta abin gwaji nan da minti 15, kowa ya sa tunatarwar minti 10, su kulle fuskokin wayoyin su jira. Wadda ba ta yi ƙara ba, ita za a gyara tun a zaune.