Daga DNA zuwa furotin: katunan bita da tambayoyin gwaji kafin jarrabawar ƙarshe

Assalamu alaikum, ɗalibai. Ku ɗauko biro da takarda, domin bidiyon nan ba na kallo da hannu a aljihu ba ne. Yau bitar santaral dogma za mu yi, wato ƙa'idar da ke bayyana yadda bayanin gado ke tafiya daga DNA zuwa RNA, daga nan zuwa furotin. Kusan kowa ya haddace wannan layin, amma ba a nan maki ke zubewa ba. Inda ake faɗuwa shi ne lokacin da malami ya rubuta jerin haruffa ya ce a fitar da furotin. Saboda haka katunanmu na yau kaɗan ne, kuma yawancinsu na aiki ne.

Ku yanka kwali ko takarda mai kauri, tambaya ɗaya a gaba, amsa a baya. A gaban katin farko ku rubuta: me Francis Crick, masanin da ya tsara wannan ƙa'ida, ya ce ba zai yiwu ba? A bayansa: da zarar bayani ya shiga furotin, ba ya sake fitowa ya koma DNA ko RNA ko wani furotin. Crick ya faɗi haka a 1958, ya sake fayyace shi a 1970. Ku lura, bai ce bayani ba ya komawa daga RNA zuwa DNA ba. A 1970 ɗin nan Howard Temin da David Baltimore suka gano inzayim ɗin da ke gina DNA daga RNA, mai suna ribas tiranskiriftes, wanda ƙwayar cutar ƙanjamau ke amfani da irinsa. Idan aka tambaye ku ko wannan ƙwayar cuta ta karya ƙa'idar kamar yadda Crick ya tsara ta, amsar ita ce a'a.

Kati na biyu da na uku ba za su ɗauke mu lokaci ba. Kwafewa, wadda takardar jarrabawa za ta kira tiranskirifshan: inzayim RNA folimares ne ke gina RNA daga zaren DNA guda ɗaya, kuma a jikin mutum a cikin nukiliyas ake yin ta. Fassarawa, wato tiransileshan: a kan ribosom ake yin ta, ana karanta mRNA, wato RNA mai ɗauke da saƙon, haruffa uku-uku, kowane uku sunansa kodon. Kodon 64 ne, 61 suna kiran amino asid, uku kuma na tsayawa ne: UAA, UAG, UGA. Na farawa AUG ne, shi ke kawo metiyonin.

To, yanzu ga katin da na fi so ku ba wa ƙarfi. DNA zare biyu ne, kuma suna kwance kai da ƙafa, inda ɗaya ya nufa ɗayan ya ba shi baya. Kowane zare yana da gefen 5′ da gefen 3′. Zaren da inzayim ke karantawa shi ne tamfilet, ana bin sa daga 3′ zuwa 5′, sai RNA ta fito daga 5′ zuwa 3′. Ɗayan kuma shi ne zaren kodin, kuma jerinsa daidai yake da na mRNA, sai dai duk inda yake da T, ita mRNA tana da U. Wanda ya riƙe wannan ya riƙe rabin makin wannan babi.

Bari mu gwada da ƙwayar gado ta gaske, wadda ba baƙuwa ba ce a gidajenmu. Sunanta HBB, ita ke ɗauke da bayanin sarƙar beta ta himogulobin, furotin ɗin da ke ɗaukar iskar oksijin a jajayen ƙwayoyin jini. Canji a cikinta ne ke kawo sikila, amosanin jini. Ga tambaya ta farko a allo, zaren tamfilet ne na farkon sashen da ake fassarawa:

```
3'-TAC CAC GTA GAC TGA GGA CTC CTC-5'
```

Ku fitar da mRNA, sannan ku fitar da amino asid. Ku tsayar da bidiyon, ku buɗe jadawalin kodon, ku yi da hannunku.

Kun gama? Zaren ya fara da 3′ a hagu, saboda haka daga hagu za mu bi shi. T tana kiran A, A tana kiran U, C tana kiran G, G tana kiran C. Ga abin da ya fito:

```
5'-AUG GUG CAU CUG ACU CCU GAG GAG-3'
   Met Val His Leu Thr Pro Glu Glu
```

Idan amsarku ta tsaya a amino asid huɗu, na san abin da ya faru. Kun ga TGA a wuri na biyar a kan tamfilet, idonku ya ce ai wannan UGA ce, a tsaya. Ba a karanta jadawalin kodon a kan tamfilet. A kan mRNA kaɗai ake karanta shi, kuma a can wuri na biyar ACU ne, tiriyonin.

Tambaya ta biyu ita ce tarkon da malamai suka fi so. Ga wani jeri, an ce muku tamfilet ne na farkon sashen da ake fassarawa:

```
5'-CTC CTC AGG AGT CAG ATG CAC CAT-3'
```

Ku sake tsayarwa ku gwada.

Wannan zaren ɗazu ne, ba a canza ko harafi ɗaya ba, juya shi kawai aka yi aka fara rubutawa daga 5′. Mai gaggawa zai bi daga hagu ya sami GAG GAG UCC UCA, ya ci gaba da fassara, ya miƙa amsa mai kyan gani wadda ba daidai ba ce. Wani kuma zai hango ATG a tsakiya ya ɗauka nan ne mafari, alhali ATG na farawa a zaren kodin ake neman sa. Ta yaya za ku gane kun ɓata? An ce muku farkon sashen da ake fassarawa ne, amma mRNA ɗinku ba ta buɗe da AUG ba. Maganin kuwa mai sauƙi ne. Kafin ku rubuta komai, ku dubi lambobin gefe. In tamfilet ne kuma 3′ tana dama, ku sake rubuta jerin daga dama zuwa hagu, harafi bayan harafi, sannan ku haɗa. Ba tarin ukun kaɗai ake juyawa ba, har haruffan cikinsu: CAT na ƙarshe ya koma TAC na farko.

Yanzu mu taɓa harafi ɗaya mu ga abin da zai biyo baya. Ku dubi GAG na farko a mRNA ɗinmu. A mai sikila, A ta tsakiya ta koma U, kodon ya zama GUG, sai balin ya zauna a gurbin gulutamik asid. A zaren kodin na DNA, GAG ne ya koma GTG. Gulutamik asid yana da caji, yana jituwa da ruwa. Balin ba ya son ruwa, don haka idan oksijin ya yi ƙasa, ƙwayoyin himogulobin sai su manne da juna su yi dogayen sanduna, su lanƙwasa ƙwayar jini kamar lauje. Sunan irin wannan canji misens, wato an musanya amino asid da wani.

A nan akwai abin da ke rikita mutane. Littafi ya ce canjin a wuri na 6 yake, amma in kun ƙirga a allo za ku ga kodon na 7 ne. Duka biyun gaskiya ne. Ana cire metiyonin na farko bayan an fara gina sarƙar, sai ƙirgar ta soma daga balin. Wannan ma ya cancanci katinsa.

Wannan kodon ɗaya, GAG, zai ba ku katuna uku na ƙari, kuma na fi son ku yi su da shi maimakon ku haddace ma'anoni. Ya koma GAA: har yanzu gulutamik asid ne, furotin bai canza ba, canjin shiru ke nan. Ya koma UAG: kodon tsayawa ne, sarƙar ta yanke tun ba a je ko'ina ba, shi ake kira nonsens. Ya koma AAG: laisin ya shigo, kuma wannan shi ne himogulobin C, wanda aka fi samu a Burkina Faso da arewacin Gana. Duk wanda ya taɓa ganin AC ko SC a takardar gwajin jini, wannan C ɗin ce.

Tambaya ta uku. A goge C ta farkon kodon na uku, wato CAU. Me zai faru? Ku tsayar.

Ribosom ba ya ganin tazarar da muke sakawa tsakanin haruffa, uku-uku kawai yake ƙirgawa daga AUG. Da harafi ɗaya ya fita, duk na bayansa sun matso:

```
5'-AUG GUG AUC UGA ...-3'
   Met Val Ile Stop
```

Kodon na uku ya zama AUC, aisolusin, na huɗu kuma UGA. A wannan karon UGA ta gaske ce, domin a kan mRNA take kuma ta faɗo daidai cikin ƙirgar uku-uku. Haruffan nan suna nan tun da fari a cikin CUG ACU, amma a rabe tsakanin kodon biyu, shi ya sa ba su tsayar da komai ba. Da haruffa uku na kodon ɗin aka goge gaba ɗaya, histidin kaɗai za a rasa, sauran su tafi yadda suke.

Saura lissafi ɗaya. Sarƙar beta da ta kammala tana da amino asid 146. Haruffa nawa ne a sashen mRNA da ake fassarawa, daga kodon farawa har na tsayawa? Wanda ya ninka 146 sau uku zai sami 438, kuma ya manta abu biyu: metiyonin da aka cire, da kodon tsayawa wanda ba ya kawo amino asid. Kodon 148 ke nan, sau uku, 444. Ita ƙwayar gadon a kan DNA ta fi haka tsawo sosai, saboda tana da intoron biyu da ake yankewa a jefar, a haɗa ekson uku kafin mRNA ta bar nukiliyas. Ku karanta tambayar da kyau ku ga ko an ce a haɗa da kodon tsayawa, domin amsar tana canzawa da haruffa uku.

Game da yadda za ku yi bitar, kada ku juya kati sai kun rubuta amsa a takarda. Ganin amsa ka ce "ai na sani" yaudarar kai ce. Wanda kuka faɗi, ku dawo masa gobe. Wanda kuka ci, ku ba shi kwana uku. Katunan jerin haruffa kuma suna da matsala ɗaya: bayan zagaye biyu ko uku, amsar kuke tunawa, ba hanyar ba. Saboda haka ku riƙa musanya da abokin karatu, kowa ya rubuta wa ɗan'uwansa sabon jeri, wani lokaci tamfilet, wani lokaci zaren kodin, wani lokaci a juye.

Ga na tafiya da shi gida. Kodon ɗinmu 5′-GAG-3′ ne. Ku rubuta antikodon da zai haɗu da shi, wato haruffa ukun da ke kan tRNA, RNA mai kawo amino asid, tare da lambobin gefensa, sannan ku sake rubuta shi daga 5′. In kun yi daidai, za ku sami 3′-CUC-5′, kuma ko an juya shi CUC ne. Yanzu ku gwada da GUG na sikila, sannan da AAG, wanda shi in an juya shi ba zai fito iri ɗaya ba.