Daga danna maɓalli zuwa fitowar destof, me ke faruwa a ciki?

Tun jiya ake turo min hoton baƙin sikirin ɗin nan mai "No bootable device", kowa na cewa wai Windows ɗinsa ya mutu. To tsaya tukuna.

Da ka danna maɓallin kunnawa, madabod, wato babban allon da komai ke haɗe a jikinsa, ita ce ke ba akwatin wuta umarni, wuta ta daidaita, firosesa, ƙwaƙwalwar kwamfutar, ta farka. Ga fanka nan ta fara juyawa. Shi ke nan, mu wuce.

Yanzu fa a lokacin nan Windows bai ma san an kunna kwamfutar ba, yana kwance a cikin dis abinsa, ram kuwa, wato ma'ajiyar wucin gadi, wayam take domin duk abin da ke cikinta yana gogewa da an ɗauke wuta. Abin da firosesa ke fara karantawa wata 'yar manhaja ce da ke cikin wani ƙaramin cif na jikin madabod, ita ce BIOS, a sababbin kwamfutoci kuma UEFI. Tambarin kamfanin da ka fara gani, ita ta nuno maka.

Aikinta na farko gwaji ne, ram na nan? firosesa lafiya? Idan ram ba ta zauna daidai ba, wasu injinan sai su yi ta ƙara tit tit tit, ko ƙaramar fitila ta riƙa ƙiftawa, sikirin ko haske babu.

In ta gama sai ta shiga neman wanda za ta miƙa wa ragama, kuma bi take ɗaya bayan ɗaya yadda aka jera mata, misali filash tukuna sannan dis. A dis ɗin akwai wani ɗan yanki da ba ka ganinsa cikin fayilolinka, nan `bootmgfw.efi` yake, shi ke tayar da Windows. Masu Linux yawanci GRUB ne nasu. Idan ta zagaya ba ta samu kowa ba, sai ta rubuto maka saƙon can na "No bootable device". Ka ga kenan ba ta ce hotunanka sun ɓace ba, cewa ta yi ban ga mai tashi ba.

Ni abin da nake fara yi, in zare duk filash ɗin da ke jiki, in sake kunnawa ina danna F2 ko Del don in shiga saitin BIOS, ya danganta da kamfani. In sunan dis ɗin ya fito a ciki, galibi jerin ne ya rikice ko fayil ɗin tashin ya lalace, ana gyarawa ba sai an goge komai ba. In bai fito ba sam, to ko ya kwance daga mazauninsa ko ya mutu. Don Allah kar ka yi saurin fomatin.

In kuwa BIOS ta sami fayil ɗin tashin, sai ya ɗora zuciyar Windows cikin ram, manhajojin da ke tuƙa sikirin da kibod su tashi, ɗigogin nan su yi ta zagaye, ka sa fasuwod, `explorer.exe` ya shimfiɗa maka destof.