"Ai wasa ne": daga ina wasa yake ɓaci?

Ku kalli wannan bidiyon tsokana. Wani ya kira mahaifiyar abokinsa da baƙuwar lamba, ya sauya murya, ya ce ɗanta yana hannunsu, a kawo kuɗin fansa. Bayan minti uku ya fashe da dariya: "Mama, wasa ne!"

Tsaya nan. Ku dubi hannunta, har yanzu rawa yake.

Abin da masu irin wannan bidiyo suka kasa ganewa ke nan. Sun ɗauka kalmar "wasa ne" tana goge abin da ya wuce. Ai ba a auna wasa da ƙarshensa, ana auna shi ne da abin da mutum ya gaskata kafin a faɗa masa gaskiya. Minti ukun nan, a wurin Mama an sace ɗanta da gaske. Jikinta ya saki sinadarin adirenalin, zuciya ta hau bugu, jini ya hau, kuma jiki ba ya saukowa nan take don an ce masa wasa ne. In tana da hawan jini fa? A ƙasar da ake garkuwa da mutane, ni dai ban ga abin dariya a nan ba.

Abu Dawud ya ruwaito cewa a wata tafiya wani sahabi ya yi barci, wani ya ɗauke masa igiya, ya farka a firgice. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce bai halatta Musulmi ya tsorata Musulmi ba. A kan igiya fa, ba ɗa ba.

Ba wai mu ba mu san tsokana ba. Bafulatani da Babarbare, Bakano da Bazazzagi, jika da kaka, duk suna yi. Har hukumar UNESCO ta sanya wasan taubasantaka na Nijar cikin al'adun gado na duniya a 2014. Amma a can kowa ya san filin, kuma wanda aka tsokana yana da damar ramawa.

To ga yadda ake yi. Taubashinka ya zo, ka zuba masa gishiri a shayi maimakon sukari. Kurɓa ɗaya, ya yamutsa fuska, ka miƙa masa kofin gaske da ka ɓoye a baya. Daƙiƙa biyar an gama, abin da ya gaskata kawai shi ne shayi ya ɓaci. Kada ka yi a gaban surukansa ko budurwarsa, nan kuma ya zama tozarci.

Saura waya. In ka ɗauki bidiyon abin, nuna masa tukuna kafin ka saka a intanet. In ya yi dariya ya ce saka, saka. In ya yi murmushin yaƙe ya ce "ba komai" yana kallon ƙasa, goge shi a gabansa. Kuma ka riƙa ɗanɗana shayinka, don taubashi ba ya mantuwa.