Matan General Motors biyar da kotu ta kasa gani

"Wariya ai wariya ce. In mace ce aka zalunta a bi mata haƙƙinta na mace, in baƙar fata ne a bi masa nasa, in talaka ne a bi masa nasa. Meye na cakuɗa su kuma, in ban da 'yan boko da ba sa gajiya da ƙirƙirar sababbin kalmomi?"

Wannan saƙon wani mai sauraro ne, kuma tun da na karanta shi ya tsaya mini a rai. Malam, abin da ka faɗa an taɓa faɗarsa daga kan kujerar alƙali, kuma mata biyar ne suka ɗanɗana kuɗarsa.

A shekarar 1976, a birnin St. Louis na jihar Missouri a Amurka, wata kotun tarayya ta yanke hukunci kan ƙarar da Emma DeGraffenreid da wasu mata baƙar fata huɗu suka shigar a kan kamfanin motoci na General Motors. Kafin 1964, shekarar da aka yi dokar da ta haramta wariya wajen ɗaukar aiki, kamfanin ba ya ɗaukar mata baƙar fata. Daga baya ya soma ɗauka. Da tattalin arziki ya karye, sai aka rage ma'aikata bisa ƙa'idar daɗewa a aiki, wato wanda ya zo ƙarshe shi zai fara tafiya. A takarda ƙa'idar ba ta ambaci launin kowa ko jinsin kowa ba. Amma wa ya zo ƙarshe? Wadda aka tsare a bakin ƙofa shekara da shekaru. Duk matan baƙar fata da aka ɗauka bayan 1970 sun rasa aikinsu.

To ku ji yadda kotu ta yi. Ta ɗauki zargin wariyar jinsi shi kaɗai ta duba, ta ce ai kamfanin yana ɗaukar mata tun kafin 1964, saboda haka babu laifi a nan. Gaskiya ne yana ɗauka, amma fararen fata. Sai ta ɗauki zargin wariyar launi shi ma shi kaɗai, ta ce a je a haɗa shi da wata ƙara da wasu baƙaƙen fata suka riga suka shigar a kan kamfanin. Da matan suka ce ƙorafinsu na mata baƙar fata ne, abu ɗaya a haɗe, alƙali ya ce ko dai su zo a matsayin mata, ko su zo a matsayin baƙaƙe, amma haɗa biyun ba shi da gurbi a doka. Wato an tambayi mace ta zaɓi da wane rabin jikinta aka kore ta daga aiki!

Bari in buga misali da lissafi, domin a nan gizo yake saƙa. A ce masana'anta tana da ma'aikata 100. Maza farare 40, maza baƙaƙe 30 a wajen haɗa injuna, mata farare 30 a ofis. Mai bincike ya zo da tambayarsa ta farko: akwai mata? Akwai, kashi 30 cikin ɗari. Tambaya ta biyu: akwai baƙaƙen fata? Akwai, su ma kashi 30. Ya rufe littafinsa, ya rubuta cewa komai lafiya. Alhali mace baƙar fata ko ɗaya babu a gidan. Wajen injuna na maza ne, ofis na farare ne, ita kuma ba ta da ƙofar shiga ta ko'ina. Duk amsoshin da ya samu gaskiya ne, amma abin da ya kammala a kai ƙarya ne, saboda ya yi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya.

Wannan shari'a tana cikin waɗanda masaniyar doka Kimberlé Crenshaw ta yi nazari a kansu a 1989, lokacin da ta raɗa wa matsalar suna da kalma mai nufin mararraba. Ta kwatanta abin da mahaɗar tituna inda motoci ke tahowa ta kowane ɓangare. Wadda ke tsaye a tsakiya, mota daga gabas za ta iya banke ta, daga kudu ma haka, wani lokaci su haɗu a kanta gaba ɗaya. Shin mai hankali zai ce ba za a ɗauke ta zuwa asibiti ba sai an tantance wace mota ce ta fara taɓa ta?

Masu cewa a bar duk wannan, talauci ne tushen komai, a gyara aljihu sauran za su bi, su dubi Afirka ta Kudu. Maria Mahlangu ta yi shekara 22 tana aikatau a gida ɗaya a Pretoria. A 2012 ta nutse a wurin ninkaya na gidan tana bakin aiki. 'Yarta ta nemi diyya, aka ce mata dokar biyan diyyar haɗarin aiki ba ta ɗauki 'yan aikatau a matsayin ma'aikata ba. Leburan masana'anta talaka ne, kuma dokar ta haɗa da shi. To me ya sa aka tsame wannan rukuni na talakawa kaɗai? Domin aikin cikin gida ana ganinsa aikin mata ne, ba a lissafa shi aiki na gaske, kuma a ƙasar da mulkin wariyar launi ya tsara, mata baƙar fata ne mafi yawan masu yinsa. Cire ko ɗaya daga cikin ukun nan, talauci ko jinsi ko launi, ba za ka iya bayyana dalilin tsame su ba. A watan Nuwamba na 2020 kotun tsarin mulkin ƙasar ta soke wannan tanadi, kuma ta fito fili ta yi amfani da wannan fahimta ta mararraba a hukuncinta.

Akwai wahala guda da na yarda da ita. Idan ka yi ta tsaga mutane rukuni cikin rukuni, adadinsu yana ƙanƙancewa, har ya kai alƙaluma ba sa iya tabbatar da komai. An ga haka a shari'ar Moore da kamfanin Hughes Helicopters a 1983. Kotu ta hana wata baƙar fata ta wakilci dukan matan kamfanin, aka bar ta da alƙaluman mata baƙar fata kawai, sannan aka ce ba su isa hujja ba. Amma ku lura da abin takaicin: ƙarancin nasu a manyan muƙamai shi ne ainihin abin da take ƙara a kai. Maganin wannan shi ne a haɗa alƙaluma da tarihin ɗaukar aiki, a duba wa aka ɗauka, yaushe, kuma a wane sashe aka ajiye shi.

Saboda haka, Malam, duk ranar da wata ma'aikata ta fito da rahoto tana alfahari cewa mata sun kai kaza, baƙaƙen fata sun kai kaza, 'ya'yan talakawa sun kai kaza, ka nemi a nuna maka layin da ukun suka haɗu. Mata nawa ne baƙar fata a ciki, nawa ne a cikinsu suka fito daga gidan talaka, kuma a wane mataki suke, kan kujera ko riƙe da tsintsiya? Tambayar da Emma DeGraffenreid da abokan aikinta huɗu suka kai gaban kotu ke nan, a 1976 alƙali ya ce doka ba ta san ta ba.